Buhu takwas da ba wanda ya sa hannu a kansu

Wanda ka yi ciniki da shi ba shi ne zai biya ka ba. Duk mai ƙaramin kanti da ya fara kai wa makaranta, asibiti, otal ko kamfani kaya bashi zai ci karo da wannan. Wanda ya zo kanti kuka yi ciniki daban, wanda ya karɓi kayan a bakin sito daban, shi kuma akantan da zai tura kuɗin bai ga fuskarka ba, bai ga buhu ko ɗaya ba, bai ji abin da kuka faɗa wa juna ba. Takardar da ke gabansa kawai ya sani. Abin da ba ya cikinta, a wurinsa bai faru ba, ko da kuwa ka rantse da abin da zai kashe ka.

Ina sayar da kayan masarufi a Kano, sari da ɗaiɗai, yawancin kayana daga kasuwar Singa nake ɗauko su. Wata makarantar kwana mai zaman kanta ta yi odar kayan abinci na farkon zangon karatu. Shinkafa buhu 20 a kan naira 68,000 kowane, ya kama 1,360,000. Man girki jarka 6 a kan 62,000, ya kama 372,000. Sukari buhu 3 a kan 78,000, ya kama 234,000. Taliya katan 15 a kan 17,000, ya kama 255,000. Kuɗin kaya ya tashi 2,221,000, da kuɗin mota da 'yan dako 24,000, jimilla 2,245,000. Sun ba da kafin alƙalami 500,000, saura cikon 1,745,000 da aka ce za a biya "ƙarshen wata".

Da alat ya shigo, 1,109,920 na gani. An zaftare 635,080, kuma babu wanda ya kira ni ya yi mini bayani.

Da na je ofishin akanta, bai ɗaga murya ba, bai kuma musa cewa na kawo kaya ba. Inbois ɗina, wato takardar lissafin kaya da neman biya, ya ɗauko ya ajiye kusa da littafin sito, ya juyo da su wajena. "Alhaji, ga takardarka ta ce shinkafa 20, ga littafin sito ya ce 12. Ni kuma abin da sito ya karɓa nake biya." Buhu takwas, 544,000 ke nan. Kuɗin mota 24,000 ya ce ba ya cikin abin da aka amince masa ya biya. Sauran 67,080 kuma haraji ne ya cire. In ka haɗa ukun, 635,080 ɗin ne cif.

Buhun takwas sun shiga makarantar, babu tantama. Kurkura ba ta iya kwashe kayan duka a sawu ɗaya ba, sai aka yi sawu biyu. Sawun farko ya isa da rana, mai kula da sito yana nan, ya ƙirga, ya shigar a littafinsa, ya sa hannu a ƙasan inbois ɗin. Sawu na biyu ya isa bayan la'asar ranar Asabar, sito a kulle, maigadi ya buɗe ƙofa, masu girki suka ce a sauke musu a kicin. Suka fara buɗe buhu a daren. Babu wanda ya rubuta komai, domin takardar guda ɗaya ce, kuma an riga an sa mata hannu tun da rana. Yaron kantina ya ga sa hannu a kanta ya ɗauka magana ta ƙare.

Wannan sa hannun shi ya fi ba ni haushi har yau. Yana nan a takarda, amma bai tabbatar da komai ba. Wani lanƙwasasshen layi ne na biro, babu suna a gefensa, babu kwanan wata, babu adadin abin da aka karɓa. Ni ina cewa ya sa hannu a kan buhu 20, shi yana cewa ya sa hannu a kan abin da idonsa ya gani, wato 12. Kuma in za a bi gaskiya, shi ma bai yi ƙarya ba.

Shi ya sa a wurina layin karɓar kaya ya fi kowane layi na inbois nauyi, duk da cewa shi masu buga takarda suke matsewa a can ƙasa, wani lokaci ma ko wurin rubuta suna babu. Wanda ya karɓi kaya ya rubuta cikakken sunansa da hannunsa, yadda za a iya karantawa, da matsayinsa a wurin, da lambar wayarsa, da rana, da lokaci. Sannan ya rubuta adadin da ya ƙirga da kansa, da lamba da kuma kalmomi: "Na karɓi shinkafa buhu 12 (sha biyu)". In akwai hatimin sito, a buga. Rubuta adadin da hannun mai karɓa shi ne asalin maganin, domin mutum yana iya cewa bai karanta abin da ke sama ba kafin ya sa hannu, amma ba zai iya cewa ba rubutunsa ba ne. Kuma kowane sawu da takardarsa. Ko dai a yanka inbois daban ga kowane lodi, ko a yi inbois ɗaya sannan kowane lodi ya tafi da takardar rakiyar kaya, wadda ake ce wa webil, mai ɗauke da lambar inbois ɗin da abin da ke cikin motar kaɗai. Ni na zaɓi inbois daban ga kowane sawu, saboda yarana ba sa rikicewa da shi: abin da ke cikin mota shi ke cikin takarda, babu ƙari babu ragi.

Akwai kuma tambayar da ake yi tun kafin a ɗora buhu a mota: wa ke da ikon karɓar kaya a wurinku? Maigadi mutumin kirki ne, zai ma taya ka saukewa, amma sa hannunsa ba ya fitar da kuɗi daga ofishin akanta. Kowace ma'aikata tana da wanda littafin sito ke hannunsa. A san sunansa da lokacin da yake tashi daga aiki. In mota ta isa ba ya nan, umarnina ga direba shi ne ya juyo da kayan. Asarar kuɗin mota na sawu ɗaya ba za a haɗa ta da ta buhu takwas ba.

Sai bayanin kayan kansa. A tsohon littafina "Shinkafa 20" da "Mai 6" kawai aka rubuta, kamar yadda kowa ke yi a kasuwa, tunda mai saye yana tsaye yana kallon kayan. Ga wanda bai gani ba, wannan rubutu bai faɗi komai ba. Shinkafa tana zuwa a buhu mai kilo 50, da mai kilo 25, da ƙanana ƙasa da haka. Jarkar mai akwai mai lita 25, akwai mai lita 20, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Ana tsakiyar rigimar buhu takwas sai wani a ofishin ya tambaya ko jarkokin nan ma masu lita 25 ne, tunda takarda ba ta faɗa ba. Allah ya taimake ni biyu daga cikinsu suna sito ba a buɗe ba, aka je aka duba. Da an ƙarar da man an sayar da jarkokin, da wata sabuwar ta tashi.

Layi ɗaya na kaya yana buƙatar abu shida kafin ya tsaya da ƙafarsa: sunan kayan, samfurinsa ko kamfanin da ya yi shi, girmansa ko nauyinsa, adadi tare da ma'auni, farashin guda ɗaya, sai jimillar layin. Yanzu haka nake rubutawa: shinkafa 'yar gida, samfuri kaza, buhu mai kilo 50, buhu 12, kowane 68,000, jimilla 816,000. Katan na taliya a rubuta guda nawa ke ciki da nauyin kowace, misali guda 20 masu giram 500. Masu sayar da hatsi da awo su suka fi kowa buƙatar wannan, domin kwanon wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, buhun masara kuma wani kwano 40 ne, wani bai kai ba. In da hali a rubuta kilo. In babu sikeli, a rubuta yawan kwanon da ke cikin buhun, kuma a auna a gaban mai karɓa.

Farashin guda ɗaya kada a tsallake shi don an rubuta jimilla. Ranar da aka dawo da katan biyu, ko aka ce buhu ɗaya ya jiƙe, da shi za a yi lissafin abin da za a cire. In babu shi, mai saye zai cire da farashin da ya ga dama, kuma in kaya sun yi tsada a tsakani, da sabon farashi zai cire. Ragi ma haka. In ka yi wa mutum ragin 500 a kowane buhu, kada ka narkar da shi cikin farashi. Rubuta ainihin farashin, ka ba ragin layinsa a ƙasa, don kada zuwa na gaba a ce ai farashinka ke nan.

Kuɗin mota da na dako kuwa, na rubuta su a inbois, amma akanta ya ƙi biya, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Takardar odar da shugaban makaranta ya sa wa hannu ta lissafa kaya huɗu ne da farashinsu, babu maganar sufuri. Da baki muka yi da wanda ya zo ciniki, ya ce "ba komai, ka sa a ciki". Akanta yana gwada takardu uku ne kafin ya biya: takardar oda, shaidar karɓar kaya daga sito, da inbois ɗinka. Duk abin da bai fito a ukun ba, zai soke shi. Saboda haka lambar takardar oda da ranarta su hau kan inbois, kuma duk wani ƙarin caji, mota ne, lodi ne, saukale ne, a tabbatar ya shiga odar tun farko. In wurin ba sa ba da takardar oda, a tura wa mai ikon amincewa lissafin gaba ɗaya ta WhatsApp kafin kaya su fita, ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Saƙon murya ba ya wadatarwa, ba a iya buga shi a liƙa a fayil.

Sunan mai saye wani wuri ne da ake sakaci. Muna rubuta "Malam wane" saboda shi muka sani, shi ke zuwa kanti. Malam wane ma'aikaci ne, gobe za a iya canza masa wurin aiki ko ya ajiye aikin, kuma bashin da ke ɗauke da sunansa makaranta za ta ce nasa ne. A rubuta cikakken sunan ma'aikatar kamar yadda yake a saman takardunta, da adireshinta, sannan a ƙasa a sa sunan wanda ya yi odar da matsayinsa. In kuma mutum ne ke saye don kansa amma yana fakewa da sunan ofishinsu, wannan layin zai tona, domin zai fara kame-kame da ka ce za ka rubuta sunan ofis. Gara ka sani tun kaya suna kantinka.

Naka ɓangaren ba ya cin lokaci, tunda bugawa ake yi sau ɗaya a saman littafin: sunan kanti, adireshi har da lambar shago da layi, lambar waya, da lambar rajista in ka yi rajista da hukumar CAC. Abin lura a nan shi ne asusun banki. Sunan da ke kan asusun ya zo daidai da sunan da ke saman inbois. Ma'aikata da yawa ba sa tura kuɗi zuwa asusun mutum in takarda tana ɗauke da sunan kanti, don mai binciken kuɗi zai tambaye su dalili. A buga sunan banki, sunan asusu, da lambar asusu mai lamba goma, a ƙara da cewa biya a wannan asusu kaɗai ake karɓa. Wannan jimlar tana rufe ƙofar "ai na tura wa yaronka" da "ai na ba direbanka a hannu". Kuma a roƙi mai biya ya sa lambar inbois a wurin bayanin tiransifa. In mutum yana da inbois uku a kansa ya turo kuɗi dunƙule, sai an zauna ana cacar baki a kan wanne ya biya.

Lambar inbois ta zama bugaggiya daga maɗaba'a, a jere, ba wadda ake rubutawa da biro ba. Littafi mai kwafi uku nake bugawa yanzu: farar takarda ta tafi ofishin akanta, ta biyu ta zauna a sito, ta uku ta dawo kanti manne a littafi, kuma duka ukun suna ɗauke da rubutun mai karɓa. Wadda aka yi kuskure a kanta ba a yage ta, a ja layi biyu a rubuta an soke, a bar ta a ciki. Shafi ya ɓace daga littafi, ka rasa bakin magana a gaban mai saye, ka kuma rasa hanyar gane ko yaron kanti ya sayar da kaya ya karɓi kuɗin.

Harajin da aka cire mini, 67,080, shi ne abin da ban taɓa tsammani ba, kuma a nan layi ɗaya tak ya jawo ninki. Ma'aikatu da kamfanoni doka ta ɗora musu cire wani kaso daga kuɗin wanda ya kawo musu kaya a kan oda, su miƙa wa hukumar haraji da sunansa. Ƙa'idar da aka fitar a 2024, wadda ta fara aiki sosai a Janairun 2025, ta sa kashi 2 cikin ɗari a kan kawo kaya ga wanda ba shi ya ƙera su ba, ta kuma ce a ninka kason in mai kawo kayan ba shi da lambar haraji ta TIN. Ina da lambar, tana cikin fayil a gida, amma ba ta kan inbois. Akanta ya ɗauki kuɗin kayan da ya amince da su, 1,677,000, ya cire kashi 4, ya kama 67,080. Da lambar tana kan takarda, 33,540 zai cire. Ban ga laifinsa a nan ba, ko da yake kiran waya ɗaya ya isa ya tambaye ni.

Wannan kuɗi ba ɓata ya yi ba in ka bi sawunsa. Ana lissafa shi cikin harajin da za ka biya na shekara, amma sai kana da shaidar cewa an cire kuma an miƙa. Ka nemi rasit ɗin cirewar daga wanda ya cire, mai ɗauke da sunanka da lambarka. In ba ka nema ba, ba mai kawo maka. Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa shi ne ya tambaya tun wurin ciniki ko za a cire, don ya san farashin da zai faɗa. Ribar buhun shinkafa a sari sau da yawa ba ta wuce 1,500 zuwa 2,000 ba. Kashi 2 na 68,000 shi ne 1,360, kashi 4 kuma 2,720. Ka ga ke nan in ba ka sa wannan a lissafi ba, kana iya kai kaya, a biya ka cif, ka tashi da kuɗin hannunka ƙasa da abin da ka saro. Cinikin kan kanta, na zo ka biya ka ɗauka, wannan cirewar ba ta shafe shi ba.

Harajin VAT wani abu ne daban, kada a gauraya su. Kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kai kake ɗora shi a kan mai saye ka miƙa wa hukuma. Kayan abinci na yau da kullum irin shinkafa, wake, gishiri da man girki ba a ɗora musu, kuma ƙananan 'yan kasuwa da cinikinsu na shekara bai kai iyakar da doka ta gindaya ba an ɗauke musu karɓarsa. In ba ka cikin masu karɓa, kada ka rubuta shi don takarda ta yi kwarjini, kuɗin hukuma ne za ka riƙe ba bisa ƙa'ida ba. In kana ciki, ka ba shi layinsa: sabulu na 100,000, VAT 7,500, jimilla 107,500. Abin da ke kawo rigima shi ne a yi shiru, kai kana nufin farashin bai haɗa da haraji ba, shi yana ɗauka ya haɗa.

Ƙasan takarda ya nuna lissafi a jere, kowane da layinsa: kuɗin kaya, ragi, sufuri, haraji in akwai, jimilla, abin da aka riga aka biya da ranar da aka biya da hanyar da aka biya, sai ciko. Cikon a rubuta shi da lamba da kalmomi. Ƙara sifiri ko mayar da 1 ta koma 7 abu ne na daƙiƙa ɗaya, amma "naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da arba'in da biyar" ba ya gyaruwa ba tare da an gani ba. Layukan kaya da suka rage babu rubutu a ja musu layi a karkace. Kafin alƙalami kuma a yanka masa rasit nasa. Inbois neman biya ne, rasit shaidar an biya ne, kuma na ga wanda ya miƙa wa mai bashi takarda mai taken rasit a sama don ita ce a hannunsa, daga baya mutumin ya ɗaga ta ya ce ga shaidar ya biya. Kada a rubuta "an biya" ko a buga hatimin biya sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, saƙon alat kaɗai ba hujja ba ne.

Wa'adin biya ya zama rana mai lamba. "Ƙarshen wata" a wurina 30 ga wata ne, a wurin makaranta kuwa yana nufin in iyaye sun gama biyan kuɗin zango. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, bashi zuwa ajali ambatacce ta ce a rubuta, amma mu 'yan kasuwa kunya ke hana mu ambata rana, kamar yin haka rashin yarda ne. A rubuta ranar da aka yanka inbois, da ranar da aka kai kaya in sun bambanta, da ranar biya: 30 ga Satumba, ba "kwana talatin" ba, don kada a tsaya gardamar daga yaushe aka fara ƙirga. Na ƙara layi ɗaya a kan ƙorafi: duk ƙaranci, lalacewa ko kuskuren kaya a sanar cikin kwana biyu da karɓa, bayan haka ba a karɓar kayan da aka buɗe. Ba tare da wannan ba, sai ranar biya ta zo ka ji cewa katan uku na taliya ƙwari sun ci, alhali sun yi wata guda a siton da ke yoyo.

In an dawo da kaya ko an yi gyara bayan an miƙa takarda, ba a kankare tsohon inbois. A rubuta wata takarda daban mai cewa an cire kaza daga inbois mai lamba kaza, saboda dalili kaza, sabon ciko kaza, ɓangarorin biyu su sa hannu. Takardar da aka goge aka sake rubutu a kanta, akanta yana da damar ajiye ta gefe ya ce a kawo sabuwa, sabuwa kuma tana nufin a sake bin layin sa hannu tun daga farko, wani watan ya wuce.

Maganar buhu takwas ba ta ƙare da daɗi ba. Maigadi ya shaida cewa mota ta shigo, amma ya ce bai ƙirga ba. Shugabar masu girki ta ce ta tuna buhu biyar, sauran ba za ta ɗauki alhaki ba. Direban kurkura ya ce takwas, aka ce ai shi nawa ne. Shugaban makaranta ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mu tsaya a kan biyar ɗin da aka shaida." Aka biya kuɗin buhu biyar, 340,000, shi ma aka cire haraji a ciki, kuma sai da zango ya kusa ƙarewa. Buhu uku, 204,000, suka tafi, da kuɗin mota 24,000. Ribar da na yi tsammani a odar gaba ɗaya ba ta kai 100,000 ba. Na yi tunanin kai ƙara, amma me zan ajiye a gaban alƙali? Takarda mai cewa 20 da sa hannun mutumin da ya rantse 12 ya gani.

Har yanzu ina kai musu kaya, don suna biya, kuma akantan nan da na fita ofishinsa ina huci shi ne yanzu ya fi saurin sallamata, tunda takarduna ba sa ba shi aiki. Mai kula da sito ne bai ji daɗin sabon tsarin ba. Ranar farko da yarona ya miƙa masa biro ya ce ya rubuta adadi da kalmomi, sai ya kira ni a waya: "Haba Alhaji, yanzu har mun kai ga haka?" Na ce masa, "Malam, kai ma kariyarka ce, gobe ba wanda zai ce ka karɓi abin da ba ka karɓa ba." Ya rubuta. Kafin mota ta bar harabar, yaron yana ɗaukar hoton takardar da aka sa wa hannu tare da kayan a jibge a bakin sito, ya tura mini, ni kuma in tura wa akanta a ranar, da lambar inbois da ranar biya a ƙarƙashin hoton. In saura kwana uku wa'adi ya cika, sai in sake tura masa hoton nan.